Yadda ake tsara jawabin tarin tibi a unguwa, wanda zai sa mai tari ya fito maimakon ya ƙara ɓuya

Ranar da na fara tsayawa gaban jama'a kan maganar tibi, a wata unguwa ce nan cikin garin Gombe bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Na fara da tsoratarwa, cuta ce mai kisa, tana bin iska, tana cinye huhu, ina cikin magana sai wani dattijo a gefe ya yi tari, ni kuma da rawar kai na ce "yauwa kamar irin wannan tarin na Baba". Wallahi nan take na kusa da shi suka ja jiki. Baba bai ce komai ba, ya ɗauki takalminsa ya tafi, kuma a wannan zaman ko mutum ɗaya bai zo ya ba da kaki ba. To tun daga ranar na canja tsarin jawabin gaba ɗaya, shi ne nake so in shimfiɗa maka, kai da aka ce gobe ko jibi ka je ka yi wa mutane bayani, ko a masallaci ne ko islamiyyar matan aure ko ranar awo.

Kafin ka buɗe baki

Kar ka tsaya gaban mutane sai ka san amsar tambaya ɗaya, "to ina za mu je?" Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke kula da tibi da kuturta, ka neme shi tun kafin ranar, ka tambaye shi wane asibitin sha-ka-tafi ne mafi kusa da unguwar da ke karɓar kaki, wace rana, ƙarfe nawa, kuma sakamako kwana nawa yake yi kafin ya dawo. Injin gwajin da ma'aikata ke kira jinespat awa biyu yake yi ya fitar da sakamako, amma ba kowane asibiti ke da shi ba, ɗaukar kakin ake yi a babur a kai inda yake, shi ya sa kar ka ce wa mutane "yau za ku samu". Ka faɗi abin da jami'in ya faɗa maka. In ka yi alkawarin awa biyu mutum ya yi kwana uku yana sintiri, ka rasa shi ka rasa maƙwabtansa.

Sannan ka zauna da mai unguwa ko liman minti biyar kafin taro. Abin da za ka roƙe shi ɗaya ne, kar ya kira sunan kowa, kar ya ce "irin ciwon da ya kashe wane". Dattawa suna yin haka da kyakkyawar niyya amma iyalan wane suna zaune a wurin.

Sai maganar suna, wannan ƙaramin abu ne amma yana ɓata jawabi. In ka ce "tarin fuka" rabin jama'a asma suke ji, irin wadda numfashi ke sarƙewa lokacin hunturu da ƙura. Ka ce "tarin tibi" tun farko ka bambance su sau ɗaya, asma ba a ɗaukarta daga wani kuma tana tafiya tana dawowa, tibi ƙwayar cuta ce ke kawo ta kuma ana kashe ƙwayar da magani a rabu da ita.

Jimlar farko, waraka ba mutuwa ba

Kuskuren da na yi shi ne tsari. Duk abin da ka fara faɗa shi ne tabaran da za su kalli sauran maganar da shi. In ka fara da kisa da yaɗuwa, kafin ka iso kan "a daina ƙyama" kowa ya riga ya gama lissafin wanda zai daina zama kusa da shi. Don haka bayan sallama da gaisuwa ga iyayen ƙasa, ni yanzu kusan haka nake shiga:

"Iyayena, yayyena, yau na zo da magana ne kan wata cuta da ake warkewa daga ita sarai, cikin wata shida, kuma gwajinta da maganinta kyauta ne a asibitin gwamnati. Akwai mutane a garin nan da suka yi ta suka warke, suna kasuwa suna gona suna jan sallah, ba za ku taɓa gane su ba. Sunanta tarin tibi. Abin da ke kashe mutum a cikinta jinkiri ne, mutum ya yi wata uku wata huɗu yana shan maganin kwalba a kemis."

Ka lura ban ce ba ta kisa ba, tana kisa, amma na ɗora kisan a kan jinkiri ba a kan mutumin ba. In kana son ƙara nauyi kana iya cewa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ita, da kuma cewa tun 24 ga Maris 1882 wani likita Bajamushe Robert Koch ya bayyana ƙwayar, shi ya sa ake ranar tibi ta duniya a wannan rana duk shekara. Iyakarta kenan, kar ka jero alƙaluma, ba wanda zai tafi gida da su.

Alamomi, a nan za ka daɗe

Abin da kake so su riƙe ko sun manta komai shi ne "tarin sati biyu". Ka maimaita shi a ƙalla sau uku, ka sa su faɗa da bakinsu. Kuma ka auna musu da abin da suka sani, Juma'a biyu ta wuce kana tari, ko kasuwar ƙauye ta ci sau biyu tarin bai tafi ba. Mutane ba sa ƙirga kwanaki amma suna tuna Juma'a.

Bayan tari sai abokan tafiyarsa, kuma kar ka karanto su kamar jarabawa, ka siffanta su yadda ake ganinsu a gida. Zazzaɓi mara ƙarfi wanda ke zuwa da yamma, mutum ya sha maganin maleriya ya ji dama-dama kwana biyu ya dawo. Zufar dare, ba irin ta watan Afrilu da kowa ke yi ba, a'a, mutum ya tashi rigarsa da matashin kai sharkaf alhali na kusa da shi yana lulluɓe da bargo. Rama, wando ya fara zamewa, agogo ya koma yawo a hannu, abinci ba ya shiga. Wani kuma ciwon ƙirji da kasala, aikin da yake yi da safe ɗaya yanzu sai ya huta sau uku.

Sai jini a kaki. Wannan ita ce alamar da kowa ya sani kuma ita ce ta fi cutar da mu, domin mutane sun ɗauka in ba jini ba tibi ba ce. Ka faɗa musu ƙarara da yawa masu tibi ba su taɓa ganin jini ba, wanda ya zauna jiran jini ya bar cutar tana cin huhunsa kuma yana shaƙa wa iyalinsa. In jinin ya zo kuma ba jiran sati biyu, ranar za a tafi.

Ga wani misali da nake bayarwa, ba suna ba unguwa. Wani tela ne, shagonsa ɗan ƙarami, shi da yara uku masu koyo, taga ɗaya kuma an toshe ta da kwali saboda ƙura. Tari ya fara masa bayan ƙaramar sallah ya ce sanyi ne, ya sha maganin kwalba. Sati uku ya koma kemis aka haɗa masa kafso na kwana biyar, tarin ya ɗan lafa ya ce shikenan. Wata biyu matarsa ta lura kullum sai ta shanya zanen gado, wata uku ya rage wa wandonsa da kansa a keken ɗinkinsa, nan aka fara cewa jifa ne saboda kasuwarsa ta buɗe. Sai a wata na huɗu wani abokinsa ya ja shi asibiti ya ba da kaki aka ga tibi. Da aka bi gidansa da shagon aka duba kowa, yaro ɗaya cikin masu koyon shi ma ya kamu. Idan na zo nan sai in tsaya in tambayi jama'a, "a wane wata ya kamata a ce ya je?" Ka bar su su amsa, za ka ji wani ya ce tun sati biyun farko, to jawabinka ya shiga. Kuma ka ja hankalinsu kan wannan lafawar da kafso ya kawo, tarin da ya lafa ya dawo ba warkewa ba ce.

In taron mata ne ka ƙara lokaci kan yara, saboda yaro ba ya nuna ta kamar babba. Wani ko tarin kirki ba ya yi, sai dai a ga ba ya ƙara nauyi a katin awo, ya daina wasa, zazzaɓi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko kaluluwa ta fito a wuya ba ta zafi kuma ba ta tafiya. Tambayar da ta fi muhimmanci a nan, akwai babba mai dogon tari a gidan? Yaro ƙarami ba ya iya fitar da kaki, don haka yanzu ana iya gwada bayan gidansa, a haɗa da hoton ƙirji. Allurar bisiji da ake yi wa jariri, wadda ke barin ɗan tabo a dantse, tana kare shi daga munanan nau'o'in cutar irin wadda ke hawa ƙwaƙwalwa, amma ba ta hana babba kamuwa, kar ka bari su tafi da tunanin mai tabo ya tsira har abada.

Nuna musu yadda ake ba da kaki

Ka karɓo robar kaki ɗaya sabuwa daga asibiti ka ɗaga ta su gani. Mutane da yawa tsoron gwajin suke saboda sun zaci jini za a ɗiba ko allura. Ka kwatanta ba tare da ka yi tarin gaske ba, a kurkure baki da ruwa, a fita fili nesa da mutane ba cikin ɗaki ko banɗaki ba, a ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan a yi tari daga can cikin ƙirji a tofa a robar, kamar cikin ƙaramin cokali ya isa, a rufe murfin gam a wanke hannu. Yawu ba kaki ba ne, wanda ya kawo yawu zalla ana iya ce masa ba a ga komai ba alhali cutar tana nan. Kuma ka ce musu ko sakamako ya ce babu, in tari da rama sun ci gaba a koma, akwai hoton ƙirji akwai sake gwaji.

Maganar ƙyama, kar ka yi wa'azi kawai

A ganina nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Mu ce "a daina tsangwamar masu tibi" kowa ya gyaɗa kai, a koma gida a ware wa mutum kwanonsa da kofinsa a tura shi ɗakin baya a rufe ƙofa. Matar da ta ware kwanon ba muguwa ba ce, tsoro take ji don 'ya'yanta, kuma ba wanda ya ba ta wani abin yi da ya fi wannan. To kai ka ba ta.

Ka yi musu bayanin hanyar cutar da hoton da suka sani. In aka kunna turaren wuta a ɗaki aka rufe ƙofa da taga, ko an fitar da kaskon ƙamshin yana nan, wanda ya shigo zai shaƙa, amma a tsakar gida iska ta kwashe shi nan da nan. Haka ƙwayar tibi take, daga tarin mai ita take fita ta rataya a iskar ɗaki. Ba ta bin kwano, ba ta bin cokali ko buta, ba ta bin musabaha ko tufafi, ba gado ba ce, in ta kama mutum uku a gida ɗaya iskar ɗaki ɗaya suka shaƙa ba jini ba ne. Sai ka juya maganar, "Hajiya, kin ware kwano kin rufe taga, kin gyara abin da ba ya cutarwa kin bar mai cutarwar."

Daga nan ka jero abin yi a maimakon wariya. A buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa, mara lafiya ya riƙa zama a tsakar gida ko inuwar waje da rana, ya rufe baki da hankici ko gwiwar hannu in zai yi tari, ya sa takunkumi in zai shiga mota ko cikin jama'a a makonnin farko, kuma a waɗannan makonnin kar ya kwana ɗaki ɗaya da ƙananan yara in akwai hali. Ka jaddada kalmar "makonnin farko", domin mutumin da ya samu maganin da ya dace da cutarsa kuma yana sha kullum, cikin kamar sati biyu haɗarin ya ɗora wa wani ya ragu ƙwarai, ma'aikacin da ke duba shi ne zai ce masa ga lokacin da zai koma harkarsa. Ni har cewa nake yi, wanda kuka sani yana karɓar magani ba shi ne abin tsoro ba, abin tsoro shi ne mai tarin da ya ɓoye saboda ya ga yadda kuka yi wa na farko.

Sannan duk wanda ke kwana gida ɗaya da mara lafiya a kai shi a duba, ko lafiyarsa ƙalau. Wanda ba a ga cutar a jikinsa ba akwai maganin rigakafi da ake bayarwa, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu cuta mai karya garkuwar jiki, wani na wata uku wani na wata shida. Uwa mai tibi kuma ba a raba ta da jaririnta a hana shi nono, tana shayarwa ta rufe baki da hanci, shi kuma a kai shi a duba.

Tambayoyin da za su zo ko ka so ko ka ƙi

Wani zai ce ai masu ƙanjamau ne ke yin ta. Kar ka musa gaba ɗaya kar kuma ka tabbatar. Gaskiyar ita ce duk abin da ya raunana garkuwar jiki yana buɗe mata ƙofa, ƙanjamau, ciwon suga, yunwa, shan taba, tsufa, amma mafi yawan masu tibi a ƙasar nan ba su da ƙanjamau. Ana yi wa kowane mai tibi gwajin ƙanjamau ne don tsari ba don an zarge shi ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, yawanci garkuwa ta danne ta ba ciwo ba yaɗawa, kaɗan ne take tasar wa. In ka faɗi wannan sai ka ga an yi tsit, kowa ya gane ba cutar "su" ba ce.

Wani zai ce sammu ne. Ni ba na jayayya da wannan a bainar jama'a, ba riba. Cewa nake yi a ci gaba da addu'a, amma a kai kaki, in injin ya ga ƙwaya to ƙwaya ce kuma ga maganinta. Mai kiwo kuma zai iya tambaya kan shanu, eh akwai irin ta shanu da ke shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, a tafasa shikenan.

Wani kuma zai ce ɗan'uwansa ya sha magani bai warke ba. Nan ne za ka shigo da yadda maganin yake. Wata biyun farko magunguna huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, ana auna nauyin mutum a faɗa masa guda nawa zai sha kullum, wata huɗun da suka biyo kuma magunguna biyu ne, ana sake duba kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6. Matsalar ita ce tun kafin wata biyu mutum ya ji ƙarfi, tari ya tafi, ci ya buɗe, sai ya ajiye ko damina ta faɗi ya tafi gona bai ɗebi magani ba. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, cutar ta dawo, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko, sai an koma wani mai wahala. Don haka ka roƙi kowane gida su ba mara lafiya mutum ɗaya da zai riƙa ganin ya haɗiye yana sa alama a kati. Ka ga wannan ma maganin ƙyama ne, wanda ke miƙa maka ruwa kullum da safe ba zai guje ka ba.

Kar ka manta da fitsari. Ɗaya daga magungunan, rifamfisin, yana mai da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo, har zufa da hawaye wani lokaci, mutane suna ganin haka su ce jini ne su watsar da magani. Ba komai ba ne. Abin da ke sa a koma asibiti a ranar shi ne idanu su yi rawaya irin na ciwon shawara, amai ya ƙi tsayawa, ƙuraje su feso a jiki, ko gani ya fara dishi-dishi. Ga mata kuma, wannan maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, mace ta faɗa wa ma'aikaciya a ba ta shawarar da ta dace. Wannan maganar a taron mata kawai nake yinta, kuma na fi so mace ce ta faɗa.

Yadda za ka rufe taron

Duka jawabin kar ya wuce minti ashirin, sauran lokacin na tambaya ne. Kar ka taɓa cewa "mai tari ya ɗaga hannu", kar kuma ka ajiye tebur a gaban jama'a ka ce a zo a rubuta suna, ba wanda zai taso. Ka faɗi sunan asibitin da ranar da lokacin sau biyu, ka faɗi lambar kyauta ta shirin yaƙi da tibi na ƙasa wato 3340, ko a danna `*3340#` a waya, sannan ka ce kai kana nan cikin zaure na ɗan lokaci ga duk mai wata tambaya ta lafiya kowace iri ce, hawan jini ne, ciwon ƙafa ne, komai. Da haka wanda ya biyo ka ba a san me ya kawo shi ba. Yawanci ma ba mai tarin ne ke zuwa ba, ƙaninsa ne ko matarsa, za ta ce "wata maƙwabciyata ce mijinta ke tari", kar ka tona, ka ba ta amsa kamar maƙwabciyar ce da gaske, ka faɗa mata ranar da ake karɓar kaki da wanda za ta nema in ta je, ka kuma ce in maƙwabcin yana jin nauyin zuwa da safe lokacin layin awo, ya bari sai wajen azahar da mutane suka watse.